Kalmomin da ke maye gurbin "in order to" a rahoton Turanci, daga mafi sauƙi zuwa mafi nauyi

Furucin *in order to* kalmomi uku ne na Turancin Ingilishi da ake bayyana manufa da su, wato dalilin da ya sa aka yi wani aiki. Yana yawan fitowa a rahotannin ma'aikatu, da bayanan zaman kwamiti, da kundayen binciken ɗalibai, da takardun neman tallafi. A ƙasashe irin su Nijeriya da Ghana, inda Turanci ne harshen hukuma, ma'aikaci kan tarar da shi sau biyar ko shida a shafi guda. Furucin ba kuskure ba ne a nahawu. Matsalarsa ita ce sau da yawa kalma ɗaya tak, wato *to*, tana iya yin aikinsa, kuma idan marubuci ya gaji da maimaita shi ya nemi madadi, yakan ɗauko wanda ya fi shi nauyi ko wanda ke canza ma'anar jimlar gaba ɗaya.

Madadan wannan furuci ba daidai suke ba. Sun bambanta ta fuska uku: irin ginin jimlar da kowanne ke buƙata, da nauyin amonsa a kunnen mai karatu, da kuma gwargwadon tabbacin da yake bayarwa cewa an cim ma manufar. Jerin da ke tafe ya bi su ne bisa amo, daga mafi sauƙi zuwa mafi nauyi, tare da sharaɗin kowanne.

Inda ƙorafin ya samo asali

Sukar dogayen furuci a rubutun hukuma ta daɗe a Birtaniya. A 1948 Sir Ernest Gowers, wanda babban ma'aikacin gwamnati ne, ya fitar da littafin *Plain Words* bisa buƙatar Baitulmalin ƙasar, don koya wa ma'aikata rubuta wasiƙu da rahotanni da harshen da talaka zai gane. A 1954 aka haɗa shi da wani littafinsa aka fitar da *The Complete Plain Words*. A 1979 aka kafa ƙungiyar Plain English Campaign a ƙasar, kuma a 2010 Amurka ta yi dokar Plain Writing Act, wadda ta wajabta wa hukumomin tarayya yin rubutu bayyananne ga jama'a. Ƙa'idojin rubutu na shafin gwamnatin Birtaniya, GOV.UK, sun sa *in order to* cikin jerin furucin da ake so marubuci ya guje wa.

Salon ofis da Nijeriya da Ghana suka gada daga Turawan mulkin mallaka shi ne tsohon salon da Gowers ya yi ƙoƙarin gyarawa. Shi ya sa har yau ma'aikata da yawa ke ɗaukar tsawon furuci a matsayin alamar ladabi da ƙwarewa. Amma manyan jami'an da ke karanta rahotanni masu yawa a rana sun fi son jimlar da ta faɗi abin da aka yi da dalilinsa kai tsaye.

Mataki na farko: *to*

Wannan shi ne mafi sauƙi kuma mafi yawan dacewa. Ba shi da wani amo na musamman, don haka yana shiga kowane irin rubutu, daga saƙon waya zuwa rahoton shekara na ma'aikata. Jimlar *The committee met in order to review the budget*, wadda ke nufin kwamiti ya zauna don duba kasafi, ba ta rasa komai idan ta koma *The committee met to review the budget*. Sauƙinsa ba ya rage masa mutunci. Takardun kotu da na banki cike suke da shi.

Sharaɗinsa guda ne: wanda ya yi babban aikin ya zama shi ne mai manufar. A jimlar da ta gabata, kwamitin da ya zauna shi ne zai duba kasafin. Idan aka sa manufar a farkon jimla, wannan sharaɗi ya fi fitowa fili. Jimlar *To reduce fuel costs, the generator was switched off at noon* tana barin manufar a rataye, domin abin da ya biyo bayan waƙafi shi ne janareta, kuma janareta ba shi da niyyar rage kuɗin mai. Ana ganin irin wannan gini da yawa a rahotannin kimiyya, kuma masu karatu kan gane abin da ake nufi, amma editoci masu tsanani suna gyara shi. Gyaran shi ne a ambaci mai aikin: *To reduce fuel costs, the unit switched off the generator at noon*. Wannan gyara yana da wani amfani na daban a rahoto, domin yana nuna sashen da ya ɗauki matakin.

Akwai kuma *for* idan suna ne ya biyo baya, kamar *The file was sent to the Director for approval*, wato an aika fayil ga darakta don amincewa. Shi ma amonsa sassauƙa ne. Kuskuren da ake yawan yi shi ne haɗa shi da aikatau mai ƙarewa da *-ing* don bayyana niyyar mutum, kamar *He travelled to Kaduna for attending a meeting*. Daidai shi ne *to attend a meeting* ko *for a meeting*. Ginin *for* da *-ing* yana bayyana amfanin wani abu ne, kamar *a machine for grinding grain*, wato injin niƙan hatsi.

Mataki na biyu: *so that*

Shi ma amonsa na yau da kullum ne, kuma ya halatta a kowane rahoto. Aikinsa ya bambanta da na *to*, domin yana ba da damar a ambaci mutum na biyu. Idan sashe ya liƙa sanarwa don jama'a su san sabon jadawali, mai liƙawa daban, mai sani daban. A nan *to* ba zai yi aiki ba, sai a ce *The unit posted notices so that residents would know the new timetable*.

Abu biyu ake kula da su. Na farko, a rubutun hukuma ana sa wata kalmar taimako bayansa. Idan babban aikin na yanzu ne ko na gaba, ana amfani da *can* ko *will*. Idan ya riga ya wuce, sai *could* ko *would*. Rahoton da ya ce *Funds were released so that work can begin* ya haɗa lokuta biyu, kuma zai yi daidai ne kawai idan har lokacin rubutun ba a fara aikin ba. Idan labarin abin da ya wuce ake bayarwa, *could begin* ne daidai.

Na biyu, *so that* yana iya nufin manufa, yana kuma iya nufin sakamako. Jimlar *The road was closed so that traders could not pass* na iya nufin an rufe hanya da gangan don hana 'yan kasuwa wucewa. Idan aka sa waƙafi kafin *so that*, mai karatu zai fi ɗaukar cewa an rufe hanyar ne saboda wani dalili, sai hakan ya jawo suka kasa wucewa. A rahoton bincike, inda niyya ke iya zama laifi, waƙafi kaɗai bai isa a dogara da shi ba. Idan sakamako ake nufi, ya fi kyau a rubuta *as a result*. Yanke *that* a bar *so* shi kaɗai kuwa salon hira ne, ba ya dacewa da rahoto.

Mataki na uku: *in order to* da *so as to*

A nan ne furucin da ake magana a kansa yake, wato a tsakiyar jerin. Ya fi *to* nauyi kaɗan, kuma yana jaddada cewa an yi aikin ne da niyya. Ɗan'uwansa *so as to* yana da ma'ana ɗaya da gini ɗaya, sai dai ya fi jin ƙamshin rubutu, kuma ba a cika buɗe jimla da shi ba. Wanda ya musanya *in order to* da *so as to* don gudun maimaici bai rage komai ba, domin kalmomi uku ne ya maye da uku.

Akwai wurare uku da *in order to* ya cancanci zamansa, kuma cire shi ɓarna ne.

Wuri na farko shi ne inda *to* zai haifar da harshen damo. Jimlar *The ministry cancelled the plan to save money* tana da ma'ana biyu masu karo da juna. Ko dai ma'aikatar ta soke wani shiri na tsimin kuɗi, ko kuma ta soke shirin ne don ta yi tsimin kuɗi. Dalilin shi ne sunaye irin su *plan*, *decision*, *attempt*, *effort* da *permission* suna janyo *to* zuwa jikinsu, sai mai karatu ya haɗa shi da sunan maimakon babban aikin. Da an rubuta *cancelled the plan in order to save money*, ma'ana ɗaya ce za ta rage. Haka abin yake bayan kalmomi irin su *used*, *needed* da *required*. Jimlar *The officer changed the method used to reduce errors* ba ta fayyace ko hanyar rage kurakurai aka canza ba, ko kuwa an canza hanyar aiki ne don kurakurai su ragu.

Wuri na biyu shi ne inda *to* ya riga ya taru a jimla. Idan an rubuta *The Chairman asked members to agree to return to the site*, ƙara wani *to* na huɗu mai nuna manufa zai ɓace a cikin sauran. A nan *in order to* yana zama alamar da ke sanar da mai karatu cewa dalili ne ke tafe. Haka kuma idan doguwar magana ta raba babban aikin da manufarsa.

Wuri na uku shi ne gaban kalmomin da ke nuna hali ko yanayi, kamar *be*, *have* da *know*. Jimlar *The team visited the wards in order to know the extent of the damage* ta fi zama daidai a kunnen mai harshen fiye da *visited the wards to know*. Amma a nan ma akwai hanyar da ta fi kyau, wato a canza aikatau zuwa mai nuna aiki: *to assess the damage* ko *to find out*.

Ginin *in order for*, kamar *in order for residents to know*, daidai ne a nahawu, amma yana da nauyin ɗauka. Kusan ko'ina *so that* ya fi shi sauƙi.

Mataki na huɗu: *with the aim of*, *for the purpose of* da *in order that*

Daga nan amo ya fara nauyi sosai. *With the aim of* yana ɗaukar aikatau mai ƙarewa da *-ing*, kamar *with the aim of reducing delays*. Yana ambaton buri a fili, don haka wurinsa shi ne gabatarwar rahoto ko bayanin dalilin kafa wani shiri, inda manufar babba ce kuma tana buƙatar lokaci. Ana iya cewa an kafa shirin rigakafi *with the aim of reducing child deaths*. Ba a cewa an aiki masinja *with the aim of collecting a file*, domin nauyin furucin ya fi ƙarfin aikin. Idan manufar tana bayyana wani suna ne, *aimed at*, *designed to* da *intended to* sun fi gajarta: *measures aimed at reducing delays*. Shi *aimed at* yana ɗaukar *-ing*, sauran biyun kuwa ba sa ɗauka.

*For the purpose of* amonsa na dokoki da yarjejeniyoyi ne. Yana da amfani inda ake iyakance abin da aka halatta, kamar kuɗin da aka ware *for the purpose of purchasing drugs*, wato don sayen magunguna kawai, ta yadda kashe shi a wani abu saɓa ƙa'ida ne. A wajen irin wannan wuri, kalmomi huɗu ne ke yin aikin ɗaya. Ya kamata a bambanta shi da *for the purposes of this report*, wanda ba ya bayyana manufa. Wannan yana iyakance ma'anar wata kalma ne a cikin takarda, kamar a ce a wannan rahoto, yaro na nufin wanda bai kai shekara 18 ba.

*In order that* shi ne *so that* mai nauyi. Yana ɗaukar mutum na biyu, kuma a al'adance ana bin sa da *may*, *might*, *shall* ko *should*: *The notice is issued in order that all parties may attend*. Haɗa shi da *can* ko *will* yana sa amon ya yi karo, domin farkon na tsohon salo ne, ƙarshen na yau da kullum. Fa'idarsa guda ita ce ba ya taɓa nufin sakamako, manufa kawai yake nufi. Wannan ya sa masu tsara dokoki ke riƙe da shi.

Mataki na biyar: *with a view to*

Wannan furuci na diflomasiyya ne da manyan takardun gwamnati. Ƙudurorin Majalisar Ɗinkin Duniya suna yawan amfani da shi. Ma'anarsa ta fi ta *in order to* rauni, domin yana nuna abin da ake hange ko fata a gaba, ba tare da alkawarin cewa za a kai gare shi ba. Idan rahoto ya ce ɓangarori biyu sun gana *with a view to reaching an agreement*, yana nufin sun zauna da fatan daidaitawa, kuma mai yiwuwa ba su daidaita ba. Don haka ya dace da tattaunawa, da binciken farko, da nazarin yiwuwar aiki. Bai dace da aikin da sakamakonsa ke hannun mai yin sa ba. Wanda ya rubuta cewa an saki kuɗi *with a view to paying salaries* ya sa shakku a kan ko an biya albashin.

Kurakurai biyu ne suka fi addabar wannan furuci. Na farko shi ne rubuta *with a view to improve*. Kalmar *to* da ke ciki ba irin ta *in order to* ba ce. Irin wadda ke cikin *look forward to* ce, wadda suna ko *-ing* ke biyo bayanta, don haka daidai shi ne *with a view to improving*. Na biyu shi ne rikita shi da *in view of*, wanda ke nufin saboda ko bisa la'akari da. *In view of the flood* yana duban abin da ya riga ya faru, shi kuwa *with a view to* yana duban abin da ake son ya faru.

Mataki na ƙarshe: *to the end that* da *lest*

Waɗannan su ne mafi nauyi, kuma tsufansu ya bayyana. Ana samun *to the end that* a gabatarwar tsofaffin dokoki da yarjejeniyoyi. *Lest* yana nufin don kada, kuma gininsa na musamman ne, kamar *lest the funds be diverted*. Sa su a rahoton wata-wata na sashe kamar sa babbar riga ne don zuwa sharar gona. Akwai kuma *with intent to*, wanda harshen dokar laifuka ne, kamar *with intent to defraud*, wato da niyyar zamba. Amfani da shi a kan ma'aikaci a rahoton ofis yana kama da tuhuma, ko da marubucin bai nufi haka ba.

Waɗanda ke gefen jerin: *in an effort to*, *in an attempt to* da *in a bid to*

Waɗannan ukun ba nauyi ne ya bambanta su ba, abin da suke ɗauke da shi a ɓoye ne. Dukkansu suna nuna cewa an yi ƙoƙari, kuma ba su tabbatar da nasara ba. *In an effort to* shi ne mafi laushi, yana nuna wahala da kyakkyawar niyya. *In an attempt to* ya fi karkata ga cewa abin bai yiwu ba, har mai karatu kan jira kalmar *but* a gaba. *In a bid to* kuwa harshen jarida ne, kuma jaridun Nijeriya masu fita da Turanci suna yawan amfani da shi, wanda ya sa ya shiga alƙalamin ma'aikata da ɗalibai. A rahoton hukuma yana sa aikin ofis ya yi kama da yunƙurin siyasa ko gasa. Idan an yi aikin kuma an gama, *to* ne daidai. Idan an gwada an kasa, *in an attempt to* gaskiya ne, kuma sai a biyo shi da bayanin abin da ya faru.

Manufar hanawa

Idan manufar ita ce kada wani abu ya faru, jerin yana sauyawa, domin *not to* shi kaɗai ba ya bayyana manufa a yawancin jimloli. Ba a cewa *The gate was locked not to lose materials*. Hanyoyin da ake da su, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi, su ne *to avoid* ko *to prevent*, sai *so that* tare da *not*, sai *so as not to*, sai *in order not to*. Wurin *not* shi ne kafin *to*. *To avoid* yana ɗaukar suna ko *-ing*, kuma yana nufin mai aikin ya kauce wa abu da kansa. *To prevent* yana nufin hana abu faruwa ko hana wani yin sa, kamar *to prevent children from entering*. Waɗannan biyun sun fi sauran kyau a rahoto, domin mai karatu ba ya buƙatar juya korewa a kansa kafin ya gane.

Gyaran sakin layi guda

Ga misalin sakin layi irin wanda wani sashen ruwa na ƙaramar hukuma zai iya rubutawa a kan gyaran rijiyoyin burtsatse:

*The Department carried out an inspection of the boreholes in order to identify faulty pumps. In order to ensure that repairs were completed before the hot season, a contractor was engaged in January. Additional funds were released in a bid to pay the labourers. The Committee met the ward heads with a view to improve maintenance. Notices were posted in order for residents to know the new timetable. The tanks were locked in order to not lose water at night.*

A jimlar farko, sashen da ya duba rijiyoyin shi ne ke neman famfunan da suka lalace, kuma babu harshen damo, don haka *to* ya isa. Sai dai idan aka bar *an inspection of the boreholes*, jimlar za ta ci gaba da nauyi, shi ya sa ake mayar da shi aikatau, *inspected*.

A ta biyu, manufar tana rataye, domin ɗan kwangila ne ya biyo bayan waƙafi alhali ba shi ne mai niyyar ba. Sai a dawo da sashen a matsayin mai aiki. Tunda ɗan kwangilar ne zai yi gyaran, sashen kuwa sa shi ya yi, ginin *to have the repairs completed* ya fi faɗin gaskiya.

A ta uku, *in a bid to* yana sa a yi zaton leburori ba su karɓi kuɗinsu ba. Idan an biya su, *to* ne. A ta huɗu, *with a view to* ya dace, domin ganawa da masu unguwanni tattaunawa ce da sakamakonta ba ya hannun kwamiti shi kaɗai. Gyaran da ake buƙata shi ne *-ing*, tare da fayyace abin da ake son cim ma. A ta biyar akwai mutum na biyu, wato mazauna unguwa, don haka *so that* da *would*. A ta shida, manufar hanawa ce, kuma tankuna ba su da niyya, don haka *to prevent* tare da ambaton mai kullewa. Sakin layin da aka gyara zai kasance haka:

*The Department inspected the boreholes to identify faulty pumps. To have the repairs completed before the hot season, it engaged a contractor in January. It released additional funds to pay the labourers. The Committee met the ward heads with a view to agreeing a maintenance plan. The Department posted notices so that residents would know the new timetable, and it locked the tanks to prevent loss of water at night.*

A sabon rubutun, *to* ya fito sau huɗu a matsayin mai nuna manufa, kuma bai dami kunne ba, domin ƙananan kalmomi irinsa ba a lura da maimaituwarsu. Dogayen furuci ne ake lura da su. Furuci mai nauyi guda ɗaya da ya rage yana wurin da ma'anarsa ta dace, kuma kowane aiki yanzu yana da mai yin sa.

Tsarin zaɓe

Tambayoyi huɗu ne ake bi a jere, kuma amo ne na ƙarshe a cikinsu. Ta farko: shin mai aikin shi ne mai manufar? Idan shi ne, *to*. Idan wani ne zai amfana ko zai yi aiki na biyun, *so that*. Ta biyu: shin idan aka sa *to*, jimlar za ta iya karantuwa ta hanya biyu? Ana gane hakan ta duba kalmar da ke gabansa. Idan suna ne irin *plan* ko *decision*, ko kalma irin *used* ko *needed*, sai a bar *in order to*, ko a kai manufar farkon jimla. Ta uku: shin an cim ma manufar, ko fata ce, ko an gwada an kasa? Wadda aka cim ma tana ɗaukar *to*, babban buri yana ɗaukar *with the aim of*, fatan da ke hannun wasu yana ɗaukar *with a view to*, gwajin da bai yi nasara ba kuma *in an attempt to*. Ta huɗu: wace irin takarda ce? Rahoton aiki, da bayanin zaman kwamiti, da kundin bincike suna tsayawa a matakai uku na farko, sai jefi-jefi su taɓa na huɗu a gabatarwa. *For the purpose of* da *in order that* na kwangila ne da doka. *To the end that* da *lest* ana barin su ga tsofaffin takardun da ake nakaltowa daga cikinsu.

Wanda ke rubutu da kwamfuta zai iya binciko duk inda *in order* ya fito a takardarsa, ya gwada kowanne da waɗannan tambayoyi. Bai kamata a yi amfani da umarnin musanya duka a lokaci guda ba, domin zai share har wuraren da furucin ke kare ma'ana, kuma zai ɓata *in order not to* da *in order that*, waɗanda kowannensu ke buƙatar a sake gina jimlar da hannu.